An Riga Ka Kama Sunan? Ga Yadda Ake Bincike da Ciniki

Ƙanwata tana haɗa turaren wuta da humra a Kano tun 2019. Sunan sana'arta kalma biyu ne, ɗaya ta Hausa, ɗaya ta Larabci irin wadda masu turare ke yawan amfani da ita daga Dubai har Kantin Kwari. Ta buga shi a jikin kwalabe, ta buga a leda, ta yi masa rajista a hukumar CAC. A watan Afrilun 2025 ta yanke shawarar buɗe shafinta na intanet, don masu sayen kayanta daga Legas da Yamai su riƙa ganin farashi ba sai sun kira ta ba. Bayan sallar isha'i sai ga kiranta, muryarta a sanyaye.

"Yaya, wai an riga ni. Na rubuta sunan, sai aka nuno mini wai na sayarwa ne, dala 2,800."

A canjin lokacin, kuɗin ya haura naira miliyan huɗu. Na ce mata kada ta taɓa komai, kada ta aika wa kowa saƙo, ta bari sai na zo da safe. Abin da muka yi a kwanakin da suka biyo baya shi zan bayyana a nan, domin duk mai sana'ar da ke son adireshi a intanet zai iya cin karo da irin wannan. Ba zan ambaci ainihin sunan ba, zan riƙa sa `sunanshago.com` a madadinsa.

Farko dai, sunan shafi, wanda masu harkar ke ce wa domen, ba a sayensa a mallaka har abada. Haya ce ta shekara-shekara, kamar rumfa a kasuwa. Kowane ƙarshen suna yana da hukuma ko kamfani ɗaya da ke riƙe da babban kundinsa. Kundin `.com` yana hannun kamfanin Verisign na Amurka, na `.ng` kuma yana hannun NiRA, ƙungiyar da aka kafa a Najeriya a 2005. Masu kundin ba sa sayar wa ɗaiɗaikun mutane kai tsaye, sai ta hannun kamfanonin rajista irin su Namecheap da GoDaddy, ko na gida da NiRA ta amince da su. A Satumban 2024, Verisign ya fara karɓar dala 10.26 a shekara kan kowane suna mai `.com`, kamfanin rajista kuma yakan ɗora ribarsa. To duk wanda ya ce maka dala dubu kaza kan sunan `.com`, ka sani ba kuɗin rajista yake faɗa ba. Wani ne ya riga ya kama rumfar, yana neman a biya shi ya tashi.

Kuskuren da mutane suka fi yi wajen bincike shi ne su rubuta sunan a burauza, in ba su ga shafi ya buɗe ba su ce babu mai shi. Wannan ba hujja ba ce. Mutum na iya riƙe suna shekara goma bai ɗora masa komai ba, ko yana amfani da shi wajen imel kawai. Fili ne aka saya ba a gina ba, kuma rashin gini ba ya nufin ba shi da mai shi. Wurin da ake samun tabbas shi ne kundin kansa. Hanya mafi sauƙi ga mai waya ita ce ya shiga `lookup.icann.org`, shafin ICANN, hukumar da ke tsara harkar sunaye a duniya, ya rubuta sunan cikakke. Don sunayen `.ng`, shafin NiRA yana da nasa wurin bincike. Mai kwamfuta kuma da ya saba da rubuta umarni yana iya yin haka:

```
whois sunanshago.com
```

Idan amsar ta zo da `No match for`, sunan ba ya hannun kowa. A nan ina ba da shawara ɗaya da ƙarfi: in ka ga sunan da ranka ya kwanta da shi babu mai shi, ka biya a take. Kada ka ce sai ka yi shawara da abokai ko sai ƙarshen wata. Sunayen `.com` da ke da rajista sun haura miliyan 150, kuma akwai masu kama sababbi dare da rana. An ma taɓa samun kamfanin rajista, Network Solutions, a farkon 2008, yana riƙe sunayen da mutane suka bincika a shafinsa na 'yan kwanaki, ta yadda ba za su iya saye a wani wuri ba, har maganar ta kai kotu. Shi ya sa na fi son a yi bincike a shafin ICANN, a je wurin kamfanin rajista idan an shirya biya.

Ita ƙanwata ba ta samu wannan amsar ba. Ga layukan da suka fi muhimmanci cikin abin da ya fito mana:

```
Creation Date: 2016-11-09T14:22:10Z
Registry Expiry Date: 2025-11-09T14:22:10Z
Domain Status: clientTransferProhibited
Name Server: NS1.AFTERNIC.COM
```

Na jawo kujera kusa da tata, ƙamshin sandal da ta jiƙa a roba ya cika ɗakin, muka bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya gaya mana an kama sunan tun 2016, shekara uku kafin ta fara sana'a. Na biyu ya nuna wa'adin hayar zai cika a Nuwamba, saura wata bakwai. Na uku ya tsorata ta, ta ɗauka an hana sayarwa, alhali makulli ne na yau da kullum da ake sa wa suna don kada ɓarawo ya ɗauke shi zuwa wani kamfani. Na huɗu shi ne ya fi ba mu haske. Afternic kasuwar sunaye ce, mallakar GoDaddy. Sunan da aka jingina da irin wannan kasuwa, ko da Sedo, yana hannun mai ajiye sunaye don sayarwa, ba mai sana'ar da ke aiki da shi ba. Sunan mutumin da lambarsa ba su fito ba, kuma haka abin yake ga yawancin sunaye tun 2018, lokacin da dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai ta fara aiki. Akan bar wata hanya ta aika masa saƙo ta hannun kamfanin rajistarsa.

Tambayarta ta farko ita ce wadda kowa ke yi: "To ba ni da takardar CAC? Ba zan iya kai ƙara ba?" Takardar CAC ta ba ki damar yin kasuwanci da sunan a Najeriya, amma ba ta ba ki sunan a kundin Verisign ba. Akwai tsarin sasanta rikicin sunaye da ICANN ta kafa a 1999, ana ce masa UDRP, kuma hukumar WIPO da ke Jeniba na cikin masu sauraron ƙararrakin. Kuɗin shigar da ƙara a can dala 1,500 ne idan alƙali ɗaya zai duba, ban da kuɗin lauya. Mai ƙara kuma sai ya tabbatar da abu uku a tare: sunan ya yi daidai ko ya yi kama da alamar kasuwancinsa, wanda ke riƙe da shi ba shi da wani haƙƙi a kansa, sannan da mugun nufi ya kama shi kuma yake amfani da shi. Mutumin da ya kama suna a 2016 ba zai yiwu a ce ya yi ne don ya cuci sana'ar da aka fara a 2019 ba. Maganar ƙara ta mutu a layin farko. Ko manyan kamfanoni ba kullum suke cin nasara ba. Wani ɗan kasuwa mai suna Uzi Nissan ya yi rajistar `nissan.com` a 1994 don kamfaninsa na kwamfuta a Amurka. Kamfanin motoci na Nissan ya maka shi a kotu a 1999, aka shafe shekaru ana shari'a, kuma har ya rasu a 2020 sunan yana hannunsa, domin sunan gidansu ne.

Tambaya ta biyu ita ce ko za a jira Nuwamba. Ranar da wa'adi ya cika, suna ba ya faɗowa kasuwa nan take. Ga `.com`, mai shi yana da rangwamen da zai iya kaiwa kwana 45 ya sabunta. Daga nan sunan ya shiga kwana 30 na fansa, inda za ka ga an rubuta `redemptionPeriod`, kuma har a lokacin yana iya karɓar abinsa in ya biya tara. Sai kwana biyar na ƙarshe, `pendingDelete`, sannan a sake shi. Kusan wata biyu da rabi ke nan. Ko a ranar sakin ma, sunan da ke da ɗan daraja ba ya kaiwa hannun mai waya, domin akwai kamfanoni irin su DropCatch da SnapNames da injinansu ke cafke shi cikin daƙiƙa, sannan su yi gwanjonsa. Wasu kamfanonin rajistar ma tun kafin a kai can suke sa shi a gwanjo. Jira yana da amfani idan alamu sun nuna mai sunan ya watsar da shi, misali sana'ar ta rufe, shafin ya daɗe a mace. Amma wanda ya sabunta suna shekara takwas a jere, kuma ya kafa masa farashi, ba mantuwa zai yi ba.

Saura ciniki, kuma a nan ne mutane suka fi asara, don ba su san yadda ake auna kuɗin suna ba. Labaran da ke yawo na manyan cinikayya gaskiya ne. An sayar da `business.com` kan dala miliyan 7.5 a 1999, an sayar da `voice.com` kan dala miliyan 30 a 2019. Amma waɗannan kalmomi ne guda-guda na Turanci da manyan kamfanoni da dama ke so a lokaci ɗaya. Auna sunan turare mai kalma biyu da su kamar auna filin bayan gari ne da na Maitama. Abin da ke ɗaga darajar suna shi ne yawan masu kuɗin da za su iya buƙatarsa. Gajartarsa, da sauƙin faɗarsa, da kasancewarsa `.com` duk hanyoyi ne na ƙara yawan waɗannan mutane. Don haka tambayar da na sa ƙanwata ta yi wa kanta ita ce: ban da ke, su wa za su nemi wannan haɗin na kalmar Hausa da ta Larabci? Muka lissafa, ba mu wuce masu turare na ƙasar Hausa ba, kuma a cikinsu da wuya a sami mai fitar da miliyan huɗu. Kusan ita kaɗai ce kasuwar sunan.

Yana da kyau kuma a fahimci lissafin mai sayarwa, don a daina jin haushinsa, a san ta inda za a ɓullo masa. A ce yana riƙe da sunaye ɗari. Sabunta su kawai yana cin fiye da dala dubu a shekara. Su masu wannan sana'a da kansu sukan ce cikin ɗari da kyar ake sayar da ɗaya ko biyu a shekara, kuma kasuwar da ta haɗa shi da mai saye za ta cire la'adarta. Ke nan sunan da ya samu shiga dole ya ɗauki nauyin sauran da suka yi kwantai. Dala 2,800 ɗin nan daga wannan lissafi ta fito. Ba wai wani ya zauna ya auna sunan ƙanwata ya ga ya kai haka ba.

Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne abin da aka taɓa biya a zahiri kan sunaye masu kama da naka. Farashin da aka liƙa a kasuwa fata ne na mai kaya, yana iya shekara biyar a wurin babu wanda ya taya. Shafin NameBio yana tara cinikin da aka kammala aka kuma bayyana, da kwanan wata da kuɗi. Muka rubuta kalmar Larabcin, muka ware sunaye masu kalma biyu da `.com`, na shekaru uku da suka wuce. Waɗanda muka gani yawancinsu tsakanin dala ɗari da 'yan ɗaruruwa suka tashi. Sai dai a lura da abu biyu. Da yawa daga cikin waɗannan cinikin gwanjo ne tsakanin dillalai, wato farashin sari, kuma wanda zai yi aiki da suna yakan biya fiye da haka. Sannan ciniki da yawa ba a bayyana shi ko kaɗan. Akwai kuma shafukan da ke ƙiyasta farashi kai tsaye idan ka rubuta suna. Ni ban ɗauke su da nauyi ba, musamman kan kalmomin Hausa, domin da cinikin sunayen Turanci aka gina lissafinsu. Ka gwada suna ɗaya a wurare biyu, za ka ga tazarar da ke tsakanin amsoshin.

Kafin mu taya, sai da muka duba tarihin sunan a `web.archive.org`, inda ake adana hotunan tsofaffin shafuka. Suna yana iya zuwa da tabo. Idan an taɓa yin caca ko damfara ko tura saƙonnin banza da shi, imel ɗin da ka aika daga gare shi zai iya riƙa faɗawa kwandon shara na masu karɓa, kuma wanke shi na ɗaukar lokaci. Nata ba shi da tabo, tallan sayarwa kawai ke kansa tun farko.

Daga nan na ce ta faɗi iyakarta kafin a fara, ta rubuta a takarda. Ta duba ribarta ta wata, ta ce ba za ta wuce dala 500 ba. Muka taya dala 250 ta shafin kasuwar, da adireshin imel da ba ya ɗauke da sunan sana'ar, kuma ba mu ba da labarin kwalabe da ledojin da aka riga aka buga ba. Duk wanda ya taɓa sayen rago a jajibirin salla ya san abin da ke faruwa idan mai kaya ya gane ba ka da zaɓi. Bayan kwana uku amsa ta zo, dala 1,900. Muka ƙara zuwa 400. Ya sauko 1,500, ya ce daga nan ba ya motsi. Saukowar da ya yi daga 2,800 cikin mako ɗaya ta tabbatar mana farashin farko ba na gaske ba ne, amma farashin da ya tsaya a kai ya ninka iyakarta sau uku. Ta ce, "Yaya, a bar shi. Kuɗin nan buhun itacen turare nawa ne." Na goyi bayanta ɗari bisa ɗari.

Da an daidaita, ga yadda za mu biya, kuma wannan ba abin sakaci ba ne. Ba a tura wa baƙo kuɗi kai tsaye a kan alkawari. Ko dai a biya ta cikin kasuwar da sunan yake, ko ta hannun mai riƙon amana irin Escrow.com, wanda ke riƙe kuɗin har sai sunan ya shigo asusun mai saye. Mai sayarwa zai cire makullin nan, ya ba da lambar sirri ta canja hannu, ko ya tura sunan kai tsaye idan kamfanin rajistarku ɗaya. Ciniki bai kammala ba sai ka shiga asusunka ka ga sunan a ciki, da imel ɗinka a matsayin mai shi.

Abin da ta yi a ƙarshe bai kai kuɗin kwalbar humra biyu ba. Sunan nata da `.com.ng` babu mai shi, ta kama shi a wurin wani kamfanin gida, ta biya da naira. Sannan ta kama `.com` da aka ƙara wa kalmar `kano` a ƙarshe, ta sa yana kai mutane shafi ɗaya. Mun guje wa sa ƙaramin layi a tsakiyar suna ko lamba, don duk sunan da sai ka tsaya kana bayanin yadda ake rubuta shi a waya, zai ɓatar maka da masu saye. Mun kuma yi hattara da sababbin ƙarshen suna masu arha a shekarar farko, domin wasunsu kuɗin sabuntawarsu ya ninka na farko sau da yawa, kuma a cikinsu akwai sunayen da mai kundin ya ware ya sa musu tsada ta kowace shekara. Kullum a duba kuɗin shekara ta biyu kafin a biya na farko.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu Hausawa musamman. Sunan shafi na yau da kullum yana karɓar haruffan Turanci ne da lambobi da ƙaramin layi kawai. Babu wurin alamar da ke cikin 'ya'ya ko sana'a, kuma ƙ da ɗ da ɓ sukan koma k da d da b. Ke nan ƙasa da kasa abu ɗaya za su zama, haka ɓata da bata. Kafin ka zaɓi suna, ka rubuta shi babu lanƙwasa, babu tazara tsakanin kalmomi, ka miƙa wa wanda bai san sana'arka ba ya karanta da ƙarfi. In ya yi tuntuɓe ko ya karanto wata ma'ana, nemi wani. Ƙarin sunan gari ko na sana'a yana da amfani, amma idan ainihin sunan alamar kasuwancin wani ce da yake aiki da ita a irin harkarka, ƙara masa kalma ba zai kare ka daga ƙara ba, kuma wasu saƙonninka za su riƙa sauka a wurinsa.

Wata biyu da kama nata, sai ga imel daga wani wai yana son sayen `.com.ng` ɗin kan dala dubu biyar, amma sai ta fara biyan kuɗin takardar ƙiyasi a wani shafi da ya turo. Tsohuwar damfara ce. Kuɗin takardar suke so, da an biya mai sayen ya ɓace. Mai saye na gaskiya ba ya sa mai kaya biyan komai kafin ciniki.

Mai karatu, in kana shirin raɗa wa sana'arka suna, ka duba kundin tun kafin ka je wurin mai buga leda da allon shago, tun ma kafin ka je CAC. In ka samu, ka yi rajistar da sunanka da imel ɗinka, ko da wani ne zai gina maka shafin, ka kunna sabuntawa ta kai tsaye, sannan ka rubuta ranar cikar wa'adin a inda idonka zai riƙa gani.